Amsa ga Madam mai ɗaukar ma'aikata a WhatsApp

Wa alaikumus salam Madam, ina wuni, ya aiki ya zafi? Ku yi haƙuri sai yanzu na ga saƙonku, tun safe babu kuran a unguwarmu ta Birni waya ta mutu, sai da na zo buro na sa ta caji.

Eh ni ne, kuma har yanzu aikin magazinye nake, shekara 4 ke nan a magazan wani ɗan kasuwa kusa da Kasuwar Dole, ni ke riƙe da fish ta sitok da bon na shiga da fita, ambantar kowane ƙarshen wata, Excel kuma ba matsala. BTS ɗina na lojistik ne.

Maganar aikin Magarya wallahi ina so, ba wasa. Sai dai kun ce "wata ONG" kawai ba ku faɗi sunanta ba, kuma ban san inda kuka samu lambata ba, ko ta dosiyen da na ajiye a ANPE ne bara? Ba zargi ba ne Madam, kwanan baya wani ya rubuto min haka da fara'a kamar mun saba, ƙarshenta ya ce in turo jika 15 kuɗin buɗe dosiye, tun ranar nake tambaya tukuna. In akwai wani biya kafin antaratiyan to ku yafe ni tun yanzu.

Sai maganar kwantara, CDD ce ta wata nawa, ana sabuntawa? Za a sa ni a CNSS? Albashin kuma da kuka ce "za mu daidaita", gara mu daidaita shi da wuri 😅 nan jika 140 nake ɗauka kuma gidanmu nake kwana tuwon tsohuwa nake ci, can kuwa sai na kama haya, ga kuɗin mota duk Juma'a in zo ganin iyali in koma Lahadi, in dai ƙasa da jika 200 ne babu ɗaki to gaskiya wahala kawai zan sauya wa gari.

Kuma ba zan iya farawa ranar 1 ga wata ba, sai na ba maigidana wata guda na sanarwa, mutumin ya riƙe ni da amana ba zan aje masa makulli in tahi haka nan ba.

Takardun zan turo da dare cikin PDF, ku ba ni imel na buronku, na fi son can da nan. Kira kuma ban da Alhamis don Allah, ranar kasuwa ce ko ruwa ba na samun sha. Laraba bayan la'asar ko Juma'a bayan masallaci duk ya yi min, wanne ya yi muku?

Na gode Madam, Allah ya bar zumunci.