Tsarin faɗakarwa kan rigakafin yara a unguwanninmu na Damagaram: "A dawo a wata na tara"

Zuwa ga majo da membobin kwamitin lafiya, domin zaman ranar Alhamis.

Na shirya wannan takarda ne bayan mako biyu da muka yi da matan rele, masu kai saƙon lafiya gida-gida, muna shiga gidaje 40 a Birni da Garin Malam, muna duba karnen yara. Ra'ayina shi ne mu bar kashe kuɗi a kan shelar "rigakafi ya fi magani". Babu gidan da muka shiga da ba a san wannan magana ba. Matsalarmu tana cikin karnen ne: layin haihuwa a cike, na mako 6 da na mako 10 a cike, sau da yawa har na mako 14, daga nan sai farar takarda. Allurar wata tara, wadda ke tsare yaro daga dusa da shawara, ita ake bari, balle ta biyu ta dusa da ake yi a shekara ta biyu. Wannan giɓi shi za mu tunkara, daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, lokacin da an gama aikin gona kuma zafi bai shigo da dusa da sanƙarau ba.

Ma'aunin da na bi

Na ɗauki tsarin da Susan Michie da abokan aikinta suka fitar a 2011. A taƙaice, mutum ba ya aikata abu sai ya iya, ya samu dama, kuma yana da niyya. Kowace uwa da muka tarar da karnenta da giɓi, na tambayi kaina wanne ne ya ɓace mata cikin ukun.

Iyawa ita ce mafi sauƙin gyara. Ranar dawowa a rubuce take da faransanci, da rubutun hannu na gaggawa, kuma tsakanin mako 14 da wata tara akwai fiye da wata biyar. Wata uwa ta zaro mana karnen daga cikin kwalla, a naɗe cikin leda, ko ƙura babu, ta ce: "Ai na ɗauka mun gama, tun da ba a ce in dawo ba." An faɗa mata, ina jin, amma a cikin hayaniyar layi da kukan yaro. Saboda haka kowace uwa da ta zo allurar mako 14 za a ɗaura wa karnenta jan zare, a faɗa mata da baki da lissafin watan Musulunci: "watan azumi" ko "bayan babbar salla", kuma a sa ta maimaita. In ranar ta matso, matar rele ta leƙa gidan.

Dama ita ce inda laifin ya fi komawa kanmu, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya. Kwalbar allurar dusa ta yara goma ce, in an haɗa ta kuma sai a zubar da saura bayan awa shida. Don gudun asara, ana ce wa uwa ta koma sai yara sun taru. Ta biya kabu-kabu, ta bar tuwon sayarwa, ta zauna har azahar, an ce ta dawo. Allura kyauta ce, amma wunin nata ba kyauta ba ne, kuma wadda aka mayar sau biyu da wuya ta zo na uku. Ina roƙon majo ya tsayar da ranaku biyu tabbatattu a mako, Litinin da Alhamis, da za a buɗe kwalba ko yara nawa suka zo. In ba a amince da wannan ba, kada mu fara shela, don za mu kira mutane ne zuwa ƙofar da ke rufe. Haka nan a daina yi wa wadda ta makara faɗa a gaban jama'a. Abin da za a ce mata shi ne: "Sannu da ƙoƙari, ba ki makara ba."

Akwai kuma izinin maigida. Masanin halayyar ɗan Adam Icek Ajzen ya nuna a 1991 cewa niyyar mutum tana rataye da abin da yake ganin na kusa da shi suna so. A gidajenmu na kusa ɗin su ne miji da uwar miji. Ba sabon abu ba ne a nan, tun da makarantar mazaje, inda magidanta ke taruwa su tattauna lafiyar iyali, da ake koyi da ita a wasu ƙasashe, a jihar Damagaram aka fara ta. Za mu nemi magidanta 12 da yaransu suka kammala allura, su riƙa ɗaukar zancen a fada wajen shayi da ƙofar masallaci bayan la'asar. Limamai huɗu za mu kai wa gaisuwa tare da mai unguwa, mu roƙi a taɓo hakkin ɗa a kan uba a cikin wa'azi. Kakanni kuwa sai a wurin suna da foyandi.

Niyya tana buƙatar hankali. Tsohon tsarin da masu binciken lafiya na Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1950 yana cewa mutum yakan auna ko cutar za ta iya kama shi, da tsananinta, da amfanin rigakafin, da wahalarsa. Tsananin ba sai mun koya wa kowa ba. Sanƙarau ya shiga Dungass da Magaria da Mirriah daga ƙarshen 2022, mashaƙo ya yi ɓarna a Matameye a 2023, mutane ba su manta ba. Hoton yaro mara lafiya ba zai ƙara komai ba sai tsoro. Abin da ke danne niyya shi ne zazzaɓin daren allura da kumburin cinya, da maigida yana cewa "kin kai shi lafiya lau kin dawo da shi da ciwo". To mu riga zazzaɓin magana: a faɗa tun kafin a soka allurar, a ce zai wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, a ci gaba da ba da nono, in ya zarce ko ya yi tsanani a dawo likita. Masu ƙi gaba ɗaya ba su da yawa a gidajen da muka shiga. Su ba da lasifika ake yi da su ba, majo ko ungozoma za su zauna da su a zaure, a saurare su tukuna.

Saƙonni

Na rediyon gari, safe da bayan isha'i, da muryar dattijuwa: "Jikana ya fara rarrafe, ya cika wata tara. Yau Alhamis, na ce wa uwarsa ɗauko karne mu je. Ke fa, kin duba naki?"

Na magidanta, ta saƙon murya a wayar salula: "Malam, kuɗin kabu-kabu ne kawai naka. Allurar kyauta ce, Litinin da Alhamis. Ka tambaye ta jan zaren yau da dare."

Kafin a sake su za a kunna wa mata goma da maza goma, a tambaye su me suka ji an ce su yi. Wanda ba su iya maimaitawa ba, sai a gyara shi tukuna.

Yadda za mu gane ko ya yi aiki

Yawan taro da yawan shela ba su ne abin ƙirge ba. A ƙarshen kowane wata za mu buɗe rajista mu kwatanta yaran da suka karɓi allurar mako 6 da waɗanda suka dawo a wata tara, sannan mu rubuta mata nawa aka mayar gida babu allura da dalilin mayar da su. Wannan lissafi na biyu babu mai riƙe shi a yanzu, ina neman kwamiti ya naɗa mutum ɗaya. Ranar Alhamis zan zo da jan zaren da muryoyin biyu a waya. Ina kuma roƙon a zo da rajistar wata shida da suka wuce, don mu san inda muka tashi.

Daga mai kula da faɗakarwa na kwamitin lafiya