Jawabi ga masu sa-kai na kiwon lafiya a Rigasa: dalilin haɗa magani biyu a ƙwaya ɗaya

Assalamu alaikum. Iyayena mata, ƴan uwana, sannunku da ƙoƙari.

Manya a cikinku sun san zamanin kulorokwin. Ya yi aiki shekaru, daga baya ƙwayar cutar cizon sauro ta daina jin sa, har Najeriya ta koma ga maganin haɗi na ACT a 2005.

Jikin mai zazzaɓi yana ɗauke da biliyoyin ƙwayoyin cuta. A cikinsu akan sami ƴan kaɗan da halittarsu ta sauya, magani ɗaya ba ya kashe su. In shi kaɗai aka sha, su za su tsira, su hayayyafa, sauro ya kai wa maƙwabci. To amma idan magani biyu ne, kowanne da inda yake kai farmaki, sai ƙwayar cutar ta sami sauyi biyu lokaci guda kafin ta kuɓuta, abin da ke da wuyar gaske. Ɓarawon da ya sami makullin ƙofar zaure, ya tarar da ta ɗaki da wani kwaɗon daban.

A Coartem, maganin ACT mai haɗe da atimita da lumefantirin, atimita ne mai saurin kisa, amma cikin sa'o'i yake barin jiki. Lumefantirin yakan daɗe kwanaki yana share ragowar.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ajiye magani da zarar jiki ya yi sanyi. Ku gaya musu: sau 6 cikin kwana 3, a sha da madara ko abinci mai maiƙo, don lumefantirin ya shiga jini sosai. A fara da gwaji tukuna, Hajiya, ko da uwar yaro ta rantse maleriya ce.