Wasiƙar Inna ga 'ya'yanta

Ƙofar Kuyambana, Zariya
Daren Laraba

Assalamu alaikum, 'ya'yana.

Jiya a Shika na ga kun ja likita gefe kuna ƙus-ƙus. Ku huta da ɓoye-ɓoyen nan. Ni da bakina na tambaye shi, ya kuma gaya mini: dajin ya tashi daga nono ya kama hanta, sai dai maganin rage zafi. Na ce alhamdu lillahi. Mutum nawa ne ke samun lokacin kintsa kayansa kafin tafiya?

Bashi tukuna, don shi ke hana ni barci. Iya Mairo mai gero tana bi na dubu 18. Adashin unguwa na riga na kwasa, saura zubi 3. Duk suna cikin jan littafin da ke ƙarƙashin katifata. Ku biya kafin a taɓa gado. Keken ɗinki kuwa na Bilkisu ne, na ba ta tun da azumi a gaban kawunku, har ta ɗauke, kada wani ya tayar da maganar.

In sa'i ya yi, a yi mini sutura a kai ni. Sani, kada a ajiye ni don jiranka daga Legas, kada kuma ka kamo hanyar dare da gudu. Addu'arka za ta same ni daga inda kake.

Bilkisu, ke ce uwa yanzu. Auta ba ya faɗin yunwa, sai an duba fuskarsa. Kuma ko ana ha-maza-ha-mata kada ya bar makaranta.

Saura kai, babbansu. Shekara 34 ban kira sunanka ba, daga "wannan yaron" sai "kai". Haka muka taras ana yi wa ɗan fari, ni kuma na riƙe kunyar har ta yi yawa. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da kai, kakarka ce ke riƙe da kai, amma ni ce a bayan ƙyaure har asuba, kwana 6. Ranar da ka gama jami'a a Samaru ka kawo mini takardarka, na ce ka kai wa Baba, na ci gaba da tankaɗe. Na ga yadda fuskarka ta yi. Da ka fita na shige ɗaki na yi sujada, na yi kuka har tuwon ya kama.

Na yafe muku duniya da lahira. Ni ma ku yafe mini, musamman zafin hannuna, na san ba kowane duka ne kuka ci don laifi ba.

Hannuna ya fara rawa. Abubakar. Ga shi na rubuta. Allah ya yi maka albarka, Abubakar, kai da ƙannenka.

Innarku,
Hajara