Maganin zafin jiki na Hassan da Husaini: kowa da awonsa

Maman 'yan biyu, ki ajiye takardar nan kusa da kwalbar magani.

Rana ɗaya kika haife su, amma awon farasitamol nauyin yaro yake bi, miligiram 15 ga kowane kilo. Yau mun auna su a nan Maradi: Hassan kilo 10, Husaini kilo 8. Kwalbar da muka ba ki an rubuta mata 120 mg/5 ml.

Hassan: mililita 6, da sirinji mai jan zare.
Husaini: mililita 5, da sirinji mai baƙin zare.

Kada ki ga bambancin kaɗan ne ki daidaita musu. Hantar Husaini ƙarama ce, kuma maganin da ya wuce kima hanta yake ɓatawa. Cokalin gida kuwa ba ya awo, wani ya fi wani zurfi.

Ki bar awa 6 tsakani, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Wanda jikinsa ya yi zafi kaɗai za ki ba, ki rubuta lokacin a bayan takarda, don da dare uwa kan manta wa ta ba. Kada ki haɗa da maganin mura na 'yan talla, sau da yawa akwai farasitamol a ciki. In kin sayi wata kwalba mai wani lamba daban, ki kawo mu gani tukuna.

Farasitamol ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda ya yi zafi, a kawo shi gwajin jini a ranar, balle da damina. In yana jijjiga, ko ya ƙi nono, ko yana amai da komai, ko ya kasa farkawa, ki taho likita nan take, ko tsakar dare ne.