Saƙon da Baffa Ya Riƙe

Baffa Sule ya kai daidai inda yake cewa, "Kwana biyu kafin rasuwar mahaifinki ya kira ni, ya ce in Allah ya nuna mini ranar aurenki in gaya miki cewa..." sai sauti ya ɗauke ɗif.

Bakinsa na motsi, amma ko teburin gaba ba a jin sa. Tsoho ne mai shekara kusan 80, muryarsa ba ta da ƙarfi, ga zauren bikin da ke Titin Gidan Zoo cike maƙil. Ba ɗauke wuta aka yi ba, don fitilun sama na ci, janareta na ruri a bayan gini. Nan da nan surutu ya tashi. Amarya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Habu ya dubi miksa. Duk 'yan fitilunta sun mutu, haka ma akwatin makirfo marar waya. Shekararsa 19, kuma Oga ya bar shi da kayan sauti, ya tafi leƙa wani bikin a Hotoro, ya ce ba zai daɗe ba.

"Kai yaro, ina ogan naka?" in ji mai gabatarwa, ya taso yana huci. "Za ku kunyata mu a gaban surukai?"

"Yallaɓai, ka ce Baffa ya ɗan dakata. Minti ɗaya."

Bai tsaya neman abin da ya lalace ba. Manyan sifikun nan biyu masu amfilifaya a cikinsu ne, kuma da rana shi da kansa ya jona su a soket ɗin bango daban. Ya zaro tsohon makirfo mai waya daga ƙasan jaka, wanda Oga ke cewa na kakanni ne, ya ruga bayan sifikar dama. Fitilarta na ci. Ya rage murya har ƙasa don kada ta yi tsawa, ya cire wayar miksa, ya soka ta makirfo, ya mayar da maɓalli daga LINE zuwa MIC, sannan ya ɗaga murya kaɗan-kaɗan yana ƙwanƙwasa kan makirfon da yatsa. Ƙum, ƙum.

Ya warware wayar har gaban tsohon, ya durƙusa.

"Baba, ga shi. Ka matso da shi dab da bakinka, kuma kada ka fuskanci sifikar, za ta yi kuka."

Hannun Baffa na rawa, sai Habu ya ci gaba da riƙe masa a durƙushe.

"Ya ce in gaya miki," muryar ta fito ta ɓangare ɗaya kawai, amma ras, "gonarsa ta Bichi taki ce, tun ranar sunanki ya yi niyya. Ya kuma ce ya yafe miki duniya da lahira."

Amarya ta fashe da kuka. Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa, zauren ya ɗauki kabbara.

Da aka shiga addu'a Habu ya miƙa wa mai gabatarwa makirfon, ya bi wayar wuta da rarrafe ta ƙarƙashin tebura. Tun ɗazu ya lura fitilun mai ɗaukar bidiyo ma sun mutu tare da miksa. A bayan labule ya tarar da dalili: mai bidiyo ya jona manyan fitilunsa biyu a ekstenshan ɗinsu, masu shayi kuma sun ƙara butar lantarki. Kan filogin har ya yi zafi.

"Yaya, don Allah ara mini butar nan," ya ce da mai shayin.

Ya kwance filogin da ƙaramin sukundireba, ya ciro fis mai amp 13 da ya ƙone, ya sa na butar a gurbinsa, kamar yadda ya saba yi a shagon gyara a Sabon Gari. Ya kai fitilun mai bidiyo wani soket, ya sauke duk muryoyin miksa kafin ya kunna. Fitilu suka jeru kore. Ana shafa fatiha ya mayar da wayar sifikar dama, kiɗan shigowar ƙawaye ya tashi ta ɓangarorin biyu.

Wajen fita Baffa ya sa aka kira shi, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ɗana, shekara 11 ina ɗauke da maganar nan. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Baba."

Oga ya iso ana naɗe wayoyi, mai gabatarwa ya riga ya ba shi labari a bakin ƙofa. Ya ɗauki fis ɗin da ya ƙone ya jujjuya.

"Asabar mai zuwa akwai biki a Gwale. Kai za ka riƙe."

"To, Oga. Amma a sayo fis ko guda goma, kuma akwai na mai shayi da zan mayar mata."