Bayani ga abokan haɗin gwiwa a shagon shinkafa na Bab Makka, Jidda: FIFO ko matsakaicin farashi

Alhazai, kafin a raba ribar bana, ga lissafin shinkafa buhu mai kilo 40 ta hanyoyin biyu, domin kowacce da ribar da take nunawa.

A Muharram an saro buhu 100 a kan riyal 200, kuɗinsu 20,000. A Safar kaya ya tashi, an saro wasu 100 a kan 240, wato 24,000. An sayar da buhu 120 a kan 270, ciniki ya kama 32,400.

A tsarin FIFO, kayan da ya fara shiga sito shi ake lissafa ya fara fita. Buhu 100 na Muharram da 20 na Safar sun ci 24,800. Riba 7,600, ragowar buhu 80 kuma a rubuta su a kan 19,200.

A tsarin matsakaicin farashi, a haɗa 44,000 a raba wa buhu 200, kowane ya tsaya a 220. Wanda aka sayar ya ci 26,400, riba 6,000, ragowa 17,600.

Tazarar 1,600 ɗin nan ba ta cikin aljihun kowa. FIFO ya auna cinikin yau da sarin jiya mai araha, shi ya sa ribar ta kumbura. Abin da ya fi damuna shi ne ranar komawa wurin dila: mayar da buhu 120 a kan 240 zai ci 28,800, saura 3,600 kacal daga cinikin. In aka raba 7,600, an ci 4,000 daga uwar kuɗi, kusan buhu 17 ke nan da ba za su dawo sito ba. Ko 6,000 ɗin ma ta wuce gona da iri da 2,400.

Inda yaran shago suka fi tuntuɓe shi ne haɗa farashi biyu a raba biyu. Nan ya yi daidai ne don sarin biyu yawansu ɗaya. Da buhu 150 ne a 200 da 50 a 240, matsakaicin 210 ne, ba 220 ba. Kuɗin mota da na 'yan dako yana cikin kuɗin kaya. Harajin VAT na kashi 15 kuwa a cire shi, tunda shagon yana da rajista da ZATCA, hukumar zakka, haraji da kwastam ta Saudiyya, kuma ana zare shi daga harajin da shagon zai biya hukumar.

Ƙa'idar IAS 2, wato ƙa'idar duniya ta lissafin kayan sito, ta yarda da hanyoyin biyu, ta hana LIFO, wato lissafa kayan da ya shiga ƙarshe a matsayin wanda ya fara fita, kuma wadda aka zaɓa a kanta ake tsayawa, ba a sauyawa don shekara ta yi kyau. Shawarata a ɗauki matsakaicin farashi a littafi, a sito kuma a ci gaba da fitar da tsohon buhu tukuna saboda ƙwari. Rabon bana kada ya haura 3,600.