Bayan intabiyun kamfanin casar shinkafa: saƙonni uku da shafin shiri

Laraba, ƙarfe 9 na safe

Assalamu alaikum, Hajiya.

Barka da aiki. Ni ne wanda kuka gana da shi na ƙarshe ranar Alhamis ɗin da ta wuce, a intabiyun gurbin mai kula da sito da lissafin kaya. Jiya na ga saƙonku cewa an ɗauki wani. Na gode da kuka sanar da ni, domin wurare da dama shiru kawai mutum yake ji. Allah Ya sa wanda aka ɗauka ya zame muku alheri.

Alfarma ɗaya nake nema, kuma ba ta shafi sake duba hukuncin ba, wannan ya wuce. Ina so in san inda na gaza. Na lura da aka zo tambayar shansherar da nauyinta ya ragu a sito, manajan kamfanin ya ajiye bironsa tun ban gama magana ba. Ko a nan ne na kauce? Ko kuwa gwajin Excel ne? Layi biyu ma ya ishe ni. In kuma ƙa'idar kamfani ba ta yarda a faɗa ba, wallahi ba komai.

Ina da wani intabiyun ranar Litinin mai zuwa, shi ya sa na yi ƙarfin halin tambaya.

Ranki ya daɗe, na gode.

Alhamis, bayan la'asar

Wa alaikumus salam, Malam.

Ku goma sha ɗaya muka gani, kai kaɗai ka tambaya, don haka zan faɗa maka yadda abin yake. Ba zan yi maganar makin kowa ba, naka kawai.

Hasashenka daidai ne. An ce maka tan 10 na shanshera ya shiga sito, bayan mako biyu an auna an ga ya ragu da kusan rabin tan. Ka ce za ka rubuta rahoto a binciki masu gadi. Manaja so yake ya ji ka fara tambayar damshin da kayan suka shigo da shi. Mutumin da zai fara zargin ma'aikata kafin ya duba na'urar auna damshi zai haɗa mana rigima a sito.

A Excel ka samu amsa, amma ka ci minti 20 kana tacewa da hannu abin da dabara ɗaya za ta fitar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na uku. Sai da kake shirin tashi ka ambaci cewa ka yi shekara uku a siton kawunka a Dawanau, kuma babu shi a takardarka. Duk tsawon zaman kana karanto mana abin da ke littafin makaranta, alhali ka san buhu. Ko da aka ce ka ba da labarin matsalar da ka taɓa warwarewa, "mun yi, mun duba" kake ta faɗi, har muka rasa wanne ne aikinka a ciki. Kunya abu ne mai kyau, amma kai za mu ɗauka, ba ku ba.

Allah Ya ba da sa'a ranar Litinin.

Alhamis, da dare

Hajiya, na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karɓi duka ukun, kuma a kansu zan yi shirin Litinin. In wani gurbin ya taso nan gaba, ina fatan za a tuna da ni. Allah Ya ƙara girma.

Shafin shiri: Litinin, ƙarfe 10, kamfanin sayen riɗi da zoɓo na fitarwa waje

Maganar damshi tukuna, tunda ita ta kayar da ni. Abin takaicin shi ne na san ta tun a kasuwa: kowane yaron sito ya san sabon kaya na kaka yana sauƙi in ya kwana biyu. Lissafin ne ban taɓa zama na yi ba. Shanshera mai damshi kashi 18, busasshen da ke cikinta kashi 82 ne. In ta bushe zuwa kashi 14, wanda a kansa ake so a ajiye ta, busasshen ya zama kashi 86 na sabon nauyin. Ke nan 10,000 sau 82, a raba da 86, ya ba da kilo 9,535. Kilo 465 ruwa ne ya bi iska, babu ɓarawo. Da na faɗi wannan da manaja bai ajiye biro ba.

In sun kawo irin tambayar da riɗi ko zoɓo, ga yadda zan bi. Zan tambayi damshin ranar shiga da na yau. Zan ƙirga buhunan in ga ko adadinsu ne ya ragu ko nauyinsu kawai. Zan gwada sikelin, in tambaya ko da shi ɗin aka auna ranar farko. A riɗi akwai ƙarin abu, ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayin da ke fita wajen tankaɗe, dole a cire su a lissafi. Sai duk waɗannan sun kasa cike giɓin sannan a yi maganar mutum.

Excel: daren Juma'a da na Asabar, awa ɗaya ɗaya, da tsohon littafin siton Kawu. Zan shigar da shi gaba ɗaya in riƙa fitar da jimillar kowane kaya da wannan, har hannu ya saba:

```
=SUMIF(B:B,"riɗi",D:D)
```

Sai `VLOOKUP` don ɗauko farashi. Zan sa agogo, minti 5 kowace tambaya.

Takarda: a gyara yau. Dawanau ya hau sama, gaban bautar ƙasa. Na ɓoye shi ne don ina ganin aikin kasuwa ba zai yi kwarjini a ofis ba, ashe shi suke nema.

Yanzu labarin, da bakina, da "na":

"Wata kaka a siton kawuna, littafi ya nuna buhu 340 na waken suya, da na ƙirga sai na samu 328. Ban gaya wa kowa an yi sata ba. Na san 'yan dako a kan kowane buhu ake biyansu, kuma shugabansu yana da nasa ƙirgen da ba ya wasa da shi, tunda kuɗinsu ne. Na je na haɗa nasa da namu rana bayan rana. A wata Laraba sun yi lodin buhu 12 bayan magariba, lokacin na tafi masallaci, wanda ya tsaya kuma bai rubuta ba. Na kira dillalin, ya tabbatar kayan suna wurinsa, ya biya. Daga ranar na kawo rasit mai kwafi biyu, buhu ba ya fita sai da shi, ko Kawu ne ya ba da umarni."

Minti ɗaya da rabi ne in ban yi sauri ba. Zan faɗa wa Yaya shi sau uku ranar Lahadi, da Hausa sannan da Turanci, duk inda ta ji "mun" ta buga tebur. Jimlar ƙarshen nan ta Kawu ina shakkar ta, kada ta yi kama da rashin kunya. Zan bar ta in ji yadda za ta fito a kunnen Yaya.

In sun ce me ya sa har yanzu ban samu aiki ba, ba zan yi kame-kame ba. Zan ce na je intabiyu kwanan nan ban samu ba, na nemi a faɗa mini dalili, aka faɗa, ga abin da na gyara.

Tambayar da zan yi musu ni ma: a kan damshi nawa suke karɓar riɗi, kuma wa ke da ikon mayar da mota in kayan ba su kai ba, mai sito ko mai duba inganci?

Kwafin takardu uku, katin ɗan ƙasa, shaidar bautar ƙasa. A fita gida ƙarfe 8, saboda cunkoson hanyar Katsina ranar Litinin.